Ruwan Daidaito: Ma'aunin Tsauri da Sassauci a Manufar Kuɗi ta Togo

Duk lokacin da BCEAO, babban bankin ƙasashe takwas masu amfani da sefa, ya ƙara kuɗin ruwa, sai a ce ya tsuke bakin aljihu. Wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa. Ƙarin kaɗai ba ya nuna tsauri, sai an auna shi da ruwan daidaito.

Knut Wicksell, masanin tattalin arziki ɗan Suwidin, shi ya kafa wannan tunani a 1898. Ruwan daidaito shi ne matakin da ba ya zuga farashi, ba ya kuma danne kasuwa. Awon mataki biyu ne. Da fari a cire hauhawar farashin da ake tsammani daga ruwan da banki ya sanar, abin da ya rage shi ne ruwan haƙiƙa. Sannan a kwatanta: in ya haura ruwan daidaito, manufa ta yi tsauri, in ya gaza, ta yi sassauci.

Mu duba Togo. A 2022 BCEAO ya ɗaga ruwansa sau uku, daga kashi 2 zuwa 2.75 cikin ɗari, alhali hauhawar farashi a ƙasar ta kai kashi 7.6. Ruwan haƙiƙa ke nan ya faɗi ƙasa da sifiri da kusan kashi 5. Ko da an ɗauka hauhawar za ta sauko zuwa kashi 3, iyakar burin bankin, ruwan bai kai sifiri ba. A Disambar 2023 ruwan ya zama 3.5, hauhawar 2024 kuma ta tsaya wajen kashi 3. In muka ƙaddara ruwan daidaito kashi 1 ne, sai a nan manufar ta kusanci daidaito, kuma saukar hauhawar farashi ce ta yi yawancin aikin.

Sai dai ma'aunin yana da iyaka. Ruwan daidaito ba a ganinsa, ƙiyasta shi ake yi, ƙiyasin kuwa yakan kauce. Sefa kuma ɗaure take da yuro a kan 655.957, don haka abin da ake yi a Turai yana jan ruwanta. Ga shi ruwa ɗaya ake yanke wa ƙasashe takwas, kowacce da farashinta.

Shi ya sa dole a nemi shaida a kasuwa. Ɗan kasuwar Dapaong da ke sayen masara da kaka ya ajiye, a ce ya ci bashi a ƙaramin banki da ruwa kashi 18. In yana tsammanin masara za ta tashi da kashi 25 a shekara, bashin araha ne gare shi, zai ƙara saye. In tashin kashi 5 ne, zai janye hannu. Haka mai shago a Zangon Sokode. Idan rance yana ƙaruwa, kaya suna tsada, manufa sassauƙa ce komai BCEAO ya sanar. Idan bankuna suna ƙin sabunta bashi, kaya suna kwantai, tsauri ya tabbata.