Lamba nawa ake buƙata bayan ɗigo kafin taswirar waya ta kai mutum ƙofar gida?

Duk wanda ya taɓa danna yatsa a kan taswirar wayarsa ya riƙe na ɗan lokaci, ya ga wasu lambobi guda biyu sun bayyana, kowace da ɗigo a tsakiyarta da jerin alƙaluma a bayansa. Ta farko ita ce latitud, wadda ke nuna nisan wuri arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu. Ta biyu kuma lonjitud ce, mai nuna nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Greenwich a birnin Landan. Da su ne direban kai kaya ke gano gida a unguwar da titunanta ba su da suna, da su ne kuma alhajin da ya ɓace wa ayarinsa ke iya shaida wa jagora inda yake tsaye.

Matsalar tana tasowa ne lokacin da za a kwafi lambobin da hannu, ko a karanta wa wani ta waya, ko a cike su a takarda. Wata manhaja tana ba da alƙaluma shida bayan ɗigo, wata goma sha huɗu. Mai rubutu ya gaji, sai ya tsaya a kan biyu. A taƙaice, alƙaluma uku suna kai mutum titi, huɗu suna kai shi gida, biyar suna kai shi bakin ƙofa. Dalilin hakan lissafi ne mai sauƙi, kuma wanda ya fahimce shi ba ya buƙatar haddace komai.

Tushen lissafin

Kewayen duniya ya kai kimanin kilomita 40,000, kuma an kasa shi digiri 360. Idan aka raba, kowane digiri ɗaya na latitud yana ɗaukar kusan kilomita 111. Kowane alƙalami da aka ƙara bayan ɗigo yana raba wannan tazara gida goma ne. Saboda haka alƙalami na farko yana wakiltar kimanin kilomita 11, na biyu kilomita ɗaya da 'yan kai, na uku mita 111, na huɗu mita 11, na biyar mita ɗaya da santimita goma sha ɗaya, na shida kuwa santimita 11, wato ƙasa da tsawon tafin hannun babba.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar abin ita ce a ɗauka cewa lambobin ba tsinin allura suke nunawa ba, fili ne mai kusurwa huɗu. Wanda ya ba da alƙaluma uku ya nuna fili mai tsawon mita 111 a kowane gefe, wanda ya ɗara filin ƙwallon ƙafa. A unguwa mai cunkoso kamar Nima a birnin Accra, inda gidaje ke manne da juna kuma lunguna suka fi tituna yawa, irin wannan fili zai iya ƙunsar gidaje da dama. Baƙo zai isa unguwar, amma sai ya yi tambaya. Alƙalami na huɗu yana rage filin zuwa mita 11, girman matsakaicin gida. Na biyar shi ne ke bambanta ƙofar gida da ƙofar shagon da ke jikinsa.

Misali daga Makka

Ɗakin Ka'aba misali ne mai kyau, domin yawancin masu karatu sun san yanayin wurin. A tsarin da wayoyi ke amfani da shi, lambobinsa su ne:

```
21.4225, 39.8262
```

Idan aka tsaya a kan alƙalami ɗaya, aka rubuta 21.4 da 39.8, alamar taswira za ta faɗa kimanin kilomita biyu da rabi kudu, da kuma fiye da haka kaɗan yamma. A miƙe, tazarar ta doshi kilomita huɗu. Mutum yana cikin Makka, amma bai kusanci Harami ba.

Da alƙaluma biyu, wato 21.42 da 39.83, kuskuren yana raguwa zuwa kimanin mita 280 kudu da mita 390 gabas, kusan rabin kilomita ke nan a miƙe. Wanda ya san yadda gefen Harami ke cika a lokacin aikin Hajji ya san cewa rabin kilomita a can ba ƙaramar tafiya ba ce, musamman ga dattijo. Da alƙaluma uku, 21.423 da 39.826, tazarar ba ta wuce mita sittin ba, mutum ya shiga cikin masallacin. Da alƙaluma huɗu kuwa, filin da ake nunawa ya koma kimanin mita 11 a tsaye da mita 10 a kwance, wanda ya yi kusan daidai da girman ɗakin Ka'aba kansa.

Akwai dalilin da ya sa gefe ɗaya ya fi ɗaya gajarta. Layukan lonjitud ba sa tafiya da tazara ɗaya, suna matsowa kusa da juna yayin da aka nufi ƙuryar arewa ko ta kudu, kamar saƙar kwando da ke tsukewa a gindinsa. A Accra, wadda ke kusa da tsakiyar duniya, digiri ɗaya na lonjitud ya kusa kilomita 111. A Makka ya sauko zuwa kimanin 104, a Landan kuma kimanin 69 kacal. Don haka alƙalami na huɗu na lonjitud a Landan mita bakwai yake nunawa, ba goma sha ɗaya ba. Wannan bai sauya ƙa'idar ba, sai dai ya ɗan ƙara mata daidaito ga mazauna arewacin Turai da Amurka.

Yadda aka rage alƙaluman ma yana da tasiri. Idan aka duba alƙalamin da za a jefar, aka ƙara ɗaya a kan na gabansa in ya kai biyar, kamar yadda ake koyarwa a makaranta, kuskuren ba zai wuce rabin filin ba: mita biyar da rabi ke nan a alƙaluma huɗu. Idan kuwa datse wutsiyar kawai aka yi, kuskuren zai iya kai wa mita 11 cur.

Inda ƙarin alƙaluma ya daina amfani

Yawan alƙaluma ba ya nufin waya ta san wurin da take da wannan daidaito. Hukumomin Amurka da ke kula da taurarin GPS sun ce wayar hannu tana gano wurinta ne cikin tazarar kusan mita biyar a fili buɗaɗɗe, inda babu abin da ya tare sama. Tsakanin dogayen gine-gine, ko a ƙarƙashin rufin kwano, saƙon tauraron yana dukan bango ya dawo kafin ya iso, kuma kuskuren kan ninka. Shuɗin da'irar da ke kewaye da alamar mutum a taswira ita ce wayar ke amfani da ita wajen nuna iyakar tabbacinta: in ta yi faɗi, lambobin da za a kwafa a lokacin ba abin dogaro ba ne, ko da guda goma ne bayan ɗigo.

Ke nan alƙalami na biyar ma ya riga ya zarce abin da waya ke iya aunawa da kanta. Amfaninsa yana fitowa ne idan mutum ya buɗe hoton tauraron ɗan'adam, ya faɗaɗa shi, ya ɗora alamar a kan ƙofar da hannunsa, maimakon ya dogara da inda wayar ta ce yana tsaye. Ko hakan ma, hoton kansa yana iya gocewa da 'yan mitoci. Na shida da na bakwai aikin masu awon filaye ne, waɗanda ke da na'urori na musamman. A wannan mataki motsin ƙasa ma yana shiga lissafi: nahiyar Ostireliya tana matsawa kimanin santimita bakwai a kowace shekara, abin da ya sa ƙasar ta sabunta tsarin taswirarta da gyaran kusan mita 1.8.

Tsare-tsaren adireshi na zamani sun tsaya ne a wannan tsakani. GhanaPostGPS, wanda Ghana ta ƙaddamar a 2017, ya kasa ƙasar zuwa filaye masu mita biyar-biyar. Gajerun lambobin Plus Codes na Google suna nuna fili mai kimanin mita 14 a kowane gefe. Dukansu suna kewayen alƙalami na huɗu ne zuwa na biyar.

Kurakuran da suka fi ƙarancin alƙaluma illa

Sau da yawa ɓatan hanya ba daga yawan alƙaluma yake ba. Akwai tsohon salon rubutu na digiri da minti da sakan, inda digiri ke da minti 60, minti kuma sakan 60. A wannan salo latitud ɗin Ka'aba shi ne 21°25′21″. Wanda ya kwafe shi a matsayin 21.2521 ya kauce da kusan kilomita 19 kudu, alhali alƙalumansa huɗu ne cif. Daidai shi ne a raba minti da 60, a raba sakan da 3,600, sannan a haɗa: 25 cikin 60 ya ba da 0.4167, 21 cikin 3,600 ya ba da 0.0058, jimilla 21.4225. Alamar da ke tona wannan kuskure ita ce, a salon minti da sakan ba a taɓa ganin lambar da ta kai 60. Sakan ɗaya na latitud kimanin mita 31 ne, don haka adireshin da ya tsaya a cikakken sakan bai kai alƙaluma huɗu daidaito ba.

Sai alamar ragi. Wuraren da ke yamma da Greenwich ana sa musu ita a gaban lonjitud. Accra tana wajen -0.2, kuma wanda ya manta ɗan layin nan ya tura baƙonsa fiye da kilomita 40 gabas. Mazauna Amurka da suka manta da ita sukan tsinci alamarsu a nahiyar Asiya. Juya lambobin ma yana faruwa, domin wasu manhajoji suna fara rubuta lonjitud. Idan aka juya na Ka'aba, alamar tana sauka ne a ƙasar Girka.

Na ƙarshe shi ne bambancin ma'aunin da aka gina taswira a kansa. Wayoyi suna amfani da wanda ake kira WGS84, yayin da tsofaffin taswirori da takardun filaye a ƙasashe da dama ke kan ma'aunin gida. Lambobi iri ɗaya a ma'auni biyu za su iya nuna wurare masu tazarar mita ɗari ko fiye. Mai ziyarar da ya tsaya a kan shahararren layin ƙarfen nan na Greenwich zai ga wayarsa ba ta nuna sifili ba, tana nuna kusan -0.0015, domin sifilin GPS yana kimanin mita 102 gabas da wurin. Saboda haka bai kamata a ɗauki lambobin da ke kan tsohuwar takardar fili a zuba su a waya a yanke hukunci kan iyaka ba, sai an san ma'aunin da aka yi awon da shi.

Akwai kuma abin da latitud da lonjitud ba sa faɗa ko da alƙaluma nawa aka jera, wato hawa. Mutum biyu, ɗaya a hawa na farko na wani otal a Makka, ɗaya a hawa na ashirin daidai samansa, lambobinsu ɗaya ne. Mai aika adireshi zai rubuta alƙaluma biyar, ya tabbatar da alamar ragi idan akwai, sannan ya ƙara lambar hawa da ta ɗaki, ko launin ƙofa da sunan lungu.