Layi Ɗaya a Takardar Neman Aiki: Nazari kan Faɗin Nakasa da Lalura, daga Obi zuwa Lafiya

Mai neman aiki daga Obi, ko Agwatashi, ko Daddare, galibi Lafiya yake kai takardarsa, domin can ne ma'aikatun jiha da manyan makarantu suke. Idan yana da nakasa ko wani ciwo da yake fama da shi, sai tambaya ta taso tun kafin ya zauna gaban mai shagon kwamfuta: ya faɗa a takardar, ko ya yi shiru? Akan amsa masa da wa'azin gaskiya, ko kuma da tsoratarwa. A ganina hanyar warware ta ita ce a duba abin da faɗin zai jawo wa mutum a wannan matakin, da kuma hannuwan da takardar za ta bi kafin ta kai teburin mai yanke hukunci.

A fara da doka. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa ta 2018. Sashe na 28 ya ba mai nakasa 'yancin neman aiki daidai da kowa, kuma kamfanin da ya saɓa zai biya wanda aka zalunta diyyar da ba ta gaza naira 500,000 ba. Sashe na 29 ya ce hukumomin gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu masu nakasa su kai aƙalla kashi 5 cikin ɗari na ma'aikatansu. Abu biyu ne masu neman aiki kan tsallake a nan. Kashi biyar ɗin hukumomin gwamnati ya shafa, bai hau kan mai makarantar kuɗi ko mai kantin magani ba. Sannan wannan doka ta tanadi takardar shaidar nakasa, ta wucin gadi ko ta dindindin, wadda mai nakasa zai riƙe a matsayin hujja. Wanda ya rubuta cewa yana neman gurbin masu nakasa alhali ba shi da wata shaida da zai haɗa, ya tona sirrinsa ne kawai bai samu komai ba. Jihar Nasarawa ma tana da tata dokar da hukumar kare haƙƙin masu nakasa, wadda aka samar zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, mutumin da shi kansa yake da lalurar ji, ya kuma mulki jihar daga 2011 zuwa 2019. Saboda haka maganar ba baƙuwa ba ce a ofisoshin Lafiya.

Sai dai doka daban, abin da ke faruwa a teburin tantance takardu daban. Masu bincike daga jami'o'in Rutgers da Syracuse a Amurka sun gwada wannan da idonsu. Sun aika takardun neman aikin akanta guda 6,016, masu cancanta iri ɗaya, wasu sun ambaci rauni a laka, wasu sun ambaci lalurar Asperger, wasu ba su ce komai ba. Waɗanda suka ambaci nakasa sun samu ƙarancin amsa da kashi 26 cikin ɗari. Abin lura shi ne giɓin ya fi faɗi a ƙananan kamfanoni masu ma'aikata ƙasa da 15, waɗanda dokar tarayyar Amurka ba ta hau kansu ba. A Norway an yi makamancin gwajin da masu keken guragu, aka tarar kiran ganawa ya ragu da kusan rabi. Ba za a ɗauko waɗannan alƙaluma a ɗora wa Obi ba, amma sun nuna yadda abin yake aiki: a matakin takarda mai tantancewa bai ga mutum ba, kalma ya gani, kuma babu wanda zai tambaye shi dalilin ajiye takarda a gefe. Wanda aka ƙi kira ganawa ba ya sanin dalili, balle ya je kotu da hujja. Diyyar sashe na 28 tana nan a rubuce, amma wuyar aikin ita ce tabbatar da cewa nakasar ce ta hana.

To, mu ƙaddara wata malama 'yar Obi. Ta gama NCE a Kwalejin Ilimi ta Akwanga, fanninta lissafi, tana tafiya da sanduna biyu saboda shan-inna tun tana ƙarama. Guraben aiki biyu ne gabanta: hukumar ɗaukar malamai ta jiha ta yi talla, sannan wata makarantar kuɗi a Lafiya tana neman malamin lissafi.

A takardar gwamnati faɗi ya fi shiru, domin akwai abin da zai jawo. Idan fom ɗin yana da gurbin tambayar nakasa, ta cike shi. A cikin wasiƙar kuma, wurin maganar shi ne sakin layi na ƙarshe, bayan ta gama kawo shaidar karatunta, da rajistarta ta malamai, da inda ta yi gwajin koyarwa. Jimla biyu sun isa, ma'anarsu ita ce: ina tafiya da sanduna, na haɗa takardar shaidar nakasa, ina roƙon a duba ni cikin tanadin sashe na 29; idan za a kira ni ganawa, a sa ni a ɗakin ƙasa. Shi ke nan. Ba ta ba da labarin yadda ciwon ya same ta ba, ba ta ce a tausaya mata ba. Kuskuren da ya fi yawa a irin waɗannan takardu shi ne buɗe su da nakasar, kamar mai kai koke wurin hakimi: "Ni gurguwa ce, marainiya, a taimake ni saboda Allah." Mai karantawa zai ji tausayi, ƙila har ya ciro wani abu daga aljihu, amma ya daina kallonta a matsayin malamar lissafi tun daga layin farko. Yadda za a gane takarda ta faɗa wannan rami mai sauƙi ne: a rufe jimlolin nakasar da hannu, a karanta sauran. Idan abin da ya rage bai isa a kira mutum ganawa ba, takardar roƙo ce aka rubuta.

A takardar makarantar kuɗi lissafin ya sauya. Babu kashi biyar, kuma mutum ɗaya ne mai yanke hukunci. Sandunanta ba su da alaƙa da iya koyar da lissafi, don haka ba ta yi ƙarya ba idan ba ta ambace su ba. Amma tun da za a gan su da zarar ta shigo ƙofa, lokacin faɗi shi ne bayan an kira ta ganawa, kafin ranar. Sai ta yi waya ta gode, ta ce tana amfani da sanduna, ta tambaya ko ofishin yana ƙasa ne ko bene. A wannan lokacin takardarta ta riga ta yi mata aiki, kuma ta kawar da mamakin da kan sa mai makaranta ya ɓata minti goman farko yana kallon ƙafafunta yana tunanin matakala. A ganawar ita za ta fara taɓo abin da yake jin nauyin tambaya: yadda take rubutu a allo, yadda take zagaya aji, abin hawan da ke kawo ta. Amsar da ta fito daga abin da ta riga ta yi a lokacin gwajin koyarwa ta fi alkawari nauyi.

Kurma da makaho ba su da wannan sararin jira sosai. Idan akwai jarrabawar tantancewa a kwamfuta, ko za a yi kiran ganawa ta waya, shiru zai iya sa mutum ya rasa damar gaba ɗaya. Mai lalurar ji ya rubuta a takardarsa cewa a tuntuɓe shi ta saƙon tes, makaho kuma ya faɗi abin da yake buƙata don rubuta jarrabawa, tun da wuri, domin samo mai fassarar maganar hannu ko mai karanta tambayoyi ba aikin safiyar ranar ba ne.

Ciwon da ba a gani kuwa, irin su sikila, farfaɗiya, ciwon suga, ciwon damuwa da cuta mai karya garkuwar jiki, hukuncinsa daban ne, kuma a nan ina ganin shiru a takardar farko shi ne daidai kusan ko da yaushe. Dalilin farko yanayin gari ne. A wuri kamar Obi takarda ba ta tafiya a rufe. Mai shagon kwamfuta ne ya buga ta, kwafinta yana nan a na'urarsa, gobe zai buɗe ta ya sauya suna ya buga wa wani. Daga nan ta bi hannun masinja, da magatakarda, ƙila da wani ɗan siyasa da aka roƙa ya sa baki, kuma cikin waɗannan da wuya a rasa wanda ya san gidanku. Abin da aka rubuta don shugaban ma'aikata sai ya ɓulla a maganar aure. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu buƙatar tsaro na musamman, amma ba ta iya dawo da maganar da ta riga ta fita.

Game da cuta mai karya garkuwar jiki doka ta yi magana ɓaro-ɓaro. Dokar hana tsangwama ta 2014 ta haramta wa mai ɗaukar aiki ya sa gwajin cutar ya zama sharaɗin ba da aiki, ko ya tilasta wa mutum bayyana matsayinsa. Tun kafin ta ma, a 2012, babbar kotun Legas ta yanke hukuncin a biya diyyar naira miliyan 7 ga Georgina Ahamefule, ma'aikaciyar jinya da aka kora a 1995 bayan an gwada jininta ba da izininta ba. A duba tazarar: shekara 17 tsakanin kora da hukunci. Haƙƙin yana nan, amma ƙwato shi bayan magana ta fita doguwar tafiya ce.

Ga mai sikila ko farfaɗiya, wurin faɗi shi ne gwajin lafiyar da ake yi bayan an ba da aiki, gaban likita, wanda aikinsa ya ɗora masa riƙe sirri. A nan ba a ɓoyewa. Yin shiru a wasiƙar da ba a tambaye ka komai ba abu ne guda, rubuta "a'a" a fom ɗin da ya tambaya kai tsaye kuma wani abu ne, domin bayanin ƙarya yana iya zama hujjar kora ko bayan shekaru. Haka nan idan ciwon ya taɓa ainihin aikin, misali mai farfaɗiya da ke neman tuƙin motar asibiti, dole a faɗa tun kafin a karɓi aikin, saboda rayukan wasu sun shigo ciki.

Saura wata matsala da ke tilasta wa mutane faɗin abin da ba su yi niyya ba, wato giɓi a tarihin aiki. Wanda ya kwanta jinya shekara biyu, ko ya makara wajen gama karatu, yakan ji dole ya yi bayani dalla-dalla. Layi ɗaya ya wadatar: daga 2021 zuwa 2022 na dakata saboda dalilin lafiya, yanzu na dawo aiki sosai. Idan an nemi ƙarin bayani a ganawa, yana da damar cewa likitansa ya tabbatar zai iya aikin, kuma a shirye yake ya yi gwajin lafiyar da ma'aikatar ta tanada.