Tayar iska ko ta roba zalla: abin da ƙasar Tchibarakaten ke buƙata ga injin ɗaga kaya

Tun da aka gano zinariya a Tchibarakaten cikin shekarar 2014, wannan wuri na arewacin jihar Agadez, kusa da iyakar Aljeriya, ya zama filin lodi da sauke kaya: buhunan dutse, injinan wuta, tankunan ruwa da na mai. Mai sayen injin ɗaga kaya don irin wannan aiki yakan duba nauyin da yake iya ɗauka, ya manta da taya, alhali ƙasar da injin zai taka ita ce ke zaɓar masa tayar.

Tayoyin iri uku ne. Ta farko siririyar roba ce da aka manna a zoben ƙarfe. An yi ta ne don daɓen siminti mai santsi, kuma cikin injin da ke amfani da ita kusa yake da ƙasa, don haka ba ta da wurin zama a filin haƙar zinariya. Ta biyu tana kama da tayar mota, amma cikinta roba ne zalla. Ta uku ita ce mai iska.

A kan tsakuwa da ɓaraguzan dutsen da ake fitarwa daga rijiyoyi, mai roba zalla ta fi. Farin dutsen nan mai zinariya idan ya fashe kaifi gare shi, yana yanka gefen tayar iska, kuma yankan gefe ba ya karɓar faci mai ɗorewa. A wurin da sabuwar taya sai ta fito daga Arlit ko Agadez, fashewa ɗaya na iya zaunar da inji kwana da kwanaki. Sai dai robar ba ta shanye girgiza kamar iska. A ƙasa mai gargada, bugun yana wucewa zuwa ƙarfen da ke ɗaga kaya, da kusoshi, da bayan direba. Tana kuma tara zafi a cikinta. Masu ƙera ta ba su yarda ta wuce gudun kilomita 25 a awa ba, kuma gajeren kai da komo aka yi ta dominsa. Idan aka yi doguwar tafiya da kaya cikin zafin Sahara, cikinta na iya ƙonewa. Alamar hakan warin roba ne da kumburin gefe.

A kan yashi ne mutane suka fi yin kuskure, domin ana ɗauka kowace tayar iska tana iya rairayi. A ɗauki injin da ke ɗaga ton 2 da rabi, irin wanda aka fi gani a manyan ɗakunan ajiya. Shi kansa nauyinsa wajen ton 4 ne, da kaya ya kai ton 6 da rabi, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na wannan nauyi a kan tayoyin gaba biyu yake sauka. Kowace tana ɗauke da kilo 2,900 ke nan. Ƙaramar taya ce, mai lamba 7.00-12, ana kuma hura ta da ƙarfi, abin da masu faci ke kira kilo 9 na iska. Da wannan tauri, wurin da take taɓa ƙasa bai fi faɗin tafin hannu biyu ba, sai ta nutse kamar turke. Mai roba zalla ma haka, ko fiye. Babbar tayar katafila mai lodi, wadda ake hurawa wajen kilo 3, tana baza wannan nauyi a fili ninki uku.

Dabarar direbobin hamada ta rage iska ba ta aiki a nan. Tayar injin ɗaga kaya idan ta yi laushi, injin yana karkata da kaya a sama, gefen tayar kuma ya karye. Don haka inda yashi ne, inji mai manyan tayoyi ake nema, ko kuma a zuba tsakuwa a daddale wurin lodin tukuna.

Ba a haɗa mai iska da mai roba zalla a gaba ɗaya ko baya ɗaya, domin ba sa lotsawa daidai. Mai roba zalla tana da layi da ya zagaye gefenta, idan ta cinye ta kai shi a canza ta, kuma sai da injin matsi ake sa ta. Yawancin ƙarfen tayar iska na waɗannan injina gida biyu ne ko fiye: a fitar da iskar duka kafin a taɓa ko kusa ɗaya, don ƙarfen da ya ɓalle da kilo 9 a bayansa yana iya kashe mutum.