Daga Rahoton Sirri Zuwa Rabon Dole: Tarihin Auna Ƙwazon Ma'aikaci



Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin wata dabara ta auna ma'aikata wadda zan kira rabon dole. Abin nufi shi ne, a yanka wa shugaban ofis ƙa'ida tun kafin ya duba aikin kowa, a ce lalle kaza cikin ɗari na mutanensa su fito a sahun gaba, kaza a tsakiya, kaza kuma a ƙurya. Kafin mu kai gare ta sai mun fara da namu tarihin, domin ciwon da a ke neman magani da ita ciwo ne da mu ka sani.

Aikin gwamnatin Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, gadonsa ya yi daga Jihar Kano, ita kuma daga tsohuwar Jihar Arewa, ita kuma daga Turawan mulki. Cikin kayan gadon akwai rahoton sirri na shekara-shekara. Shugaba ya kan rubuta ra'ayinsa game da na ƙasa da shi, a rufe a fayil, mai aikin bai ga abin da aka rubuta ba, sai dai ya ga ana ta ƙara wa tsararrakinsa girma shi yana nan. Galibin abin da a ke dubawa kuwa hali ne, kamar ladabi da biyayya da riƙon amana. Wanda ya saɓa da maigidansa a kan wata magana ta daban, a nan a ke rama masa ba tare da ya sani ba.

A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar bitar aikin gwamnati a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji, ta miƙa rahotonta a 1974. Jama'a sun fi tuna ta da ƙarin albashi da ariyas, har sunan Udoji ya zama sunan kuɗin. Amma hukumar ta kawo wasu abubuwa da su ka fi kuɗin daɗewa: matakan albashi goma sha bakwai, da shawarar a riƙa tsara wa ma'aikaci abin da zai cim ma tun farkon shekara, da kuma buɗe rahoton. Daga nan takardar da a ke kira APER ta samo asali. Ma'aikaci ya cika nasa ɓangaren, shugaba ya ba da maki, ma'aikacin ya karanta ya sa hannu.

Buɗewar ta kashe wata cuta ta haifi wata. Shugaban da zai haɗu da akawunsa a masallaci da wurin suna da jana'iza, ga shi kuwa akawun zai karanta abin da aka rubuta, da wuya ya ba shi maki kaɗan. Korar ma'aikata fiye da dubu goma da aka yi a 1975, zamanin Janar Murtala Muhammed, ta ƙara nuna wa kowa cewa abin da ke cikin fayil yana iya raba mutum da abincinsa. Sai maki ya yi ta hawa, har aka wayi gari kusan kowa fitacce ne a takarda. Takardar da ta ce kowa gwani ne ba ta gaya wa hukumar ƙarin girma kome ba, shi ya sa nauyin ya koma kan jarrabawa da daɗewa a aiki. To, a irin wannan hali ne mai ba da shawara ya kan zo ya ce: a tilasta wa shugabanni su rarrabe mutanensu bisa zanen ƙararrawa.

Mene ne wannan zane? Idan aka auna tsawon mutane dubu, aka tara masu tsawo ɗaya wuri ɗaya, za a ga galibi sun taru a tsakiya, dogaye ƙwarai da gajeru ƙwarai kaɗan ne a gefe biyu. Siffar ta kan fito kamar ƙararrawar da aka kife, ko tsibin gero a masussuka. Bajamushe Carl Friedrich Gauss ya yi amfani da ita a 1809 wajen lissafin kurakuran masu auna tafiyar taurari. Bayansa Adolphe Quetelet na Beljiyam ya ɗora ta a kan 'yan Adam, ya gwada ta da faɗin ƙirjin sojojin Sikotilan fiye da dubu biyar. A lura da sharuɗɗan: jama'a mai yawa, abu ɗaya da a ke aunawa da ma'auni ɗaya, kuma siffar ita ke fitowa da kanta bayan an gama awo. Rabon dole ya juya al'amarin, ya zana siffar tukuna sannan ya cusa mutane a ciki.

Wanda ya fi kowa yayata shi shi ne Jack Welch, shugaban kamfanin General Electric na Amirka daga 1981 zuwa 2001. Rabonsa shi ne ashirin cikin ɗari a sama, saba'in a tsakiya, goma a ƙasa, su kuma goman nan a sallame su. Da ya ke kamfanin yana cin riba a lokacin, sai wasu su ka kwaikwaya. Kamfanin motoci na Ford ya ɗora tsarin a kan manajojinsa a 2000. Ba a daɗe ba ma'aikata su ka kai ƙara cewa masu yawan shekaru a ke turawa sahun ƙarshe. Kamfanin ya sauya tsarin a 2001, ya kuma amince ya biya dala miliyan goma da rabi don a sasanta. Microsoft ya soke nasa a 2013. Ko gwamnatin Ingila, wadda mu ka gaji tsarin aikinmu daga gare ta, ta shigo da irinsa bayan garambawul na 2012, inda a ke sa ran kimanin goma cikin ɗari su faɗa sahun ƙarshe, amma kafin shekara goma ta cika ma'aikatunta da dama sun yi watsi da shi.

Bari mu kawo lissafin gida. Mu ƙaddara wani ofis a ƙaramar hukuma kamar Miga yana da malaman gona goma, aka ce lalle ɗaya ya fito a matsayin rago kowace shekara. Mu ma yi wa dokar adalci, mu yarda cewa a duk faɗin jihar, cikin kowane malaman gona goma, ɗaya da gaske ba ya aikinsa. Tambaya ita ce, a ofis nawa dokar za ta faɗa daidai? Ragwaye ba su rarrabu ɗaya-ɗaya a kowane ofis ba, sa'a ce ke rarraba su. Yiwuwar mutum ɗaya ya zama mai ƙwazo tara ce cikin goma. Yiwuwar duka goman su zama masu ƙwazo ita ce a ninka 0.9 da kanta sau goma, abin da ya ba da kimanin 0.35. Watau cikin ofisoshi ɗari masu irin wannan girma, wajen 35 ba su da rago ko ɗaya, amma dole a ba da sunan wani. Wajen 39 ne ke da rago ɗaya tak, inda dokar ta dace. Sauran 26 suna da biyu ko fiye, a can kuma wasu ragwayen sun tsira. Doka ke nan da ke kuskure a ofis shida cikin goma, alhali mun ba ta duk abin da ta nema.

Bugu da ƙari, ma'aunin kansa ba shi da kaifin da a ke ɗora masa. Idan na tara ya sami maki 68, na goma ya sami 67, wa zai rantse cewa makin nan ɗaya daga aiki ya fito? Wataƙila na goman an tura shi ƙauyukan fadama ne, ambaliya ta cinye gonakin gwajinsa a watan Agusta, hanya ta yanke wata guda. Masanin nan W. Edwards Deming ya daɗe yana nuna cewa galibin bambancin da a ke gani tsakanin ma'aikata daga yanayin aikin ya ke, watau kayan aiki da wuri da tsari, har ya lissafa irin wannan awo cikin cututtukan da ke kashe ma'aikata. Kuma in an sallami na ƙarshe bana, baɗi sai an sake fitar da wani daga cikin waɗanda bara aka ce sun isa.

Daga nan ƙiyayyar ma'aikata ga tsarin ba ta da wuyar fahimta. Mutum ya cika duk abin da aka ɗora masa, sannan a ce masa gurbin sama ya cika. Abin da ya fi muni a ganina shi ne, kujerar da abokin aikinka ya samu taka ce ka rasa, saboda haka tsohon hannu ba shi da dalilin koya wa sabo, mai babur ba shi da dalilin ɗaukar wanda nasa ya lalace. Shugaba kuma, da ya ke ba ya iya kare zaɓinsa da hujja, sai ya nemi wanda ba shi da uwa a gindin murhu: sabon ɗauka, ko mai shirin ritaya, ko matar da ta tafi hutun haihuwa. Wasu shugabannin su kan mai da abin karɓa-karɓa, bana wane baɗi wane. Ga alamar da mai bincike zai gane haka: ya jera rahotannin shekara uku ko huɗu, in ya ga sunan da ke ƙasa yana zagayawa, ko kullum yana faɗa wa sababbi, to ba aiki a ke aunawa ba.

Me ya fi wannan adalci? Na farko dai tsohuwar shawarar Udoji ce da ba a aiwatar sosai ba: a auna mutum da aikin da aka yi yarjejeniya a kansa, a rubuce, tun watan Janairu. Malamin gonar nan a ce masa ƙungiyoyin manoma kaza zai ziyarta, gonakin gwaji kaza zai kafa. A zauna da shi duk wata uku a rubuta abin da aka yi da abin da ya hana, ta yadda ambaliyar Agusta za ta shiga takarda a Satumba. In mutum takwas sun cika alkawari, takwas ɗin sun ci. Daga wajen 2020 Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya kama hanyar maye gurbin APER da tsari mai irin wannan manufa.

Saura matsalar hauhawar maki, wadda ita ta jawo maganar tun farko. A nan zanen yana da amfani, amma a kan masu ba da maki. A tara makin malaman gona na dukan ƙananan hukumomi ashirin da bakwai, inda yawan ya isa a yi lissafi. Shugaban da ya ba dukan mutanensa fiye da casa'in, a kira shi gaban takwarorinsa ya kawo shaidar kowane ɗaya: rajistar ziyara, rahoton wata uku-uku, abin da manoma su ka ce. In shaidar ta tsaya, makin ya tsaya. In ba ta tsaya ba, a rage, a kuma rubuta wannan a nasa rahoton. Ma'aikacin da bai gamsu ba ya sami damar ɗaukaka kuka ga wani jami'i wanda ba shi ya ba da makin ba. Shi kuwa rago na gaskiya, dokokin aikin gwamnati sun riga sun tanadi hanyarsa: takardar tuhuma, da gargaɗi a rubuce, da wa'adin gyarawa, sannan hukunci, ko shi kaɗai ne a ofis ko su uku ne.