Girman Bulon Siminti da Lissafin Adadin da Bango ke Ci

Bulon simintin da aka fi gini da shi a Najeriya iri biyu ne: mai inci 9 da mai inci 6. Kaurinsu ne kawai ya bambanta, domin kowanne tsawonsa milimita 450 ne, tsayinsa kuwa 225. Saboda haka murabba'in mita ɗaya na bango kan ci bulo kusan 10, ko wane iri ne.

Bango mai tsawon mita 12 da tsayin mita 3 ya kama murabba'in mita 36. Idan aka cire gurbin ƙofa, kimanin murabba'in mita 2, saura 34, wato bulo 340. Magina kan ƙara kashi 5 cikin 100 saboda fashewa da yanka, jimilla 357 ke nan. Bulon da ke shiga harsashi lissafinsa daban ne.