Malam, Ummi da uzuri: sunaye uku a takardar makaranta

Takardar da uba ko uwa ke aika wa malamin aji idan yaro bai je makaranta ba 'yar layi huɗu ce, amma a cikin birnin Kano sau da yawa sai ta cika shafi. A fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, a tambayi iyali da ɗawainiya, kafin a zo kan magana har an kaɗa ƙararrawa. Ni a ganina ladabin takardar yana ga sunayen da aka zaɓa.

Na farko, yadda za a kira mai koyarwa. Malam da Malama, waɗanda tushensu Larabci ne, mu'allim, sun shiga ko'ina, daga firamaren Shahuci har makarantar allo ta zaure. A Islamiyya yara kan ce Ya Sayyadi, a makarantun kuɗi kuma Anti da Onkul. Waɗannan kiran yara ne. Babba ya rubuta Malam ko Malama. Alaramma na mahaddacin Alƙur'ani ne, ba a ara wa malamin lissafi.

Sunan yaron ne ya fi kawo ruɗani. Saboda alkunya, yarinyar da ta ci sunan kakarta Ummi ake ce mata a gida, yaron da ya ci na kakansa kuwa Abba, wata uwar ma bakinta ba ya iya faɗin sunan ɗanta na fari. To amma rajista ba ta san Ummi ba. Sunan yanka ta sani, da na mahaifi, wani lokaci har da unguwa, Yakasai ko Mandawari. A ajin da ke da Aisha biyar, takardar da ta ce "Ummi ba ta da lafiya" tana iya sa a yi wa wata uzuri, ita mai ciwon a rubuta mata fashi. Uwar da ke jin nauyi ta sa yayan yarinyar ya rubuta sunan.

Sai rashin zuwan kansa. Fashi kalmar rajista ce, kuma tana da ƙamshin laifi, shi ya sa ake ladabtar da mai yin sa. Uzuri kuwa dalili ne karɓaɓɓe, shi ya dace iyaye su kawo. Ga misali:

"Assalamu alaikum, Malama. Aisha Sani ta aji 4B ba ta samu zuwa ba Litinin da Talata saboda zazzaɓi, mun kai ta asibitin Hasiya Bayero. Ta samu sauƙi, za ta dawo Laraba in Allah ya yarda. A yi mata uzuri, a kuma nuna mata aikin da ya wuce ta. Na gode. Mahaifinta."

"Ba ta jin daɗi" ya wadatar a yawancin lokuta, don ba dole ne a bayyana komai ba. Amma idan ƙyanda ce ko ciwon ido mai yaɗuwa, don Allah a ambaci sunan cutar, saboda sauran yaran da take zama da su a benci ɗaya.