Daga Bibémi Zuwa Makka: Tarihin Lissafin Alƙibla da Nisa

A Bibémi, gabas da Garwa a gundumar Binuwai, wanda ya fuskanci gabas sak don salla ya kauce wa Ka'aba da kusan digiri 29. Lissafin da ke nuna haka ya daɗe kafin ya nuna.

Tun wajen shekara ta 100 Miladiyya Menelaus na Iskandariyya ya yi rubutu kan siffa mai kusurwa uku da aka zana a jikin ƙwallo. Neman alƙibla ne ya sa malaman Musulunci suka ɗauki batun da gaske. Da farko wasu sun bi hanya mai sauƙi, suka ɗauki ƙasa kamar shimfiɗaɗɗiya, ko dabarar Albattani, wanda ya rasu a 929, ƙiyasi ce. Albiruni kuwa ya bi kumburin duniya ya fitar da alƙiblar Gazna a littafinsa na 1025, kuma a ƙarni na 14 Alkhalili na Dimashƙa ya tsara jadawalin alƙiblar wurare masu yawa. A Turai ƙa'idar wannan lissafi ta bayyana a littafin Regiomontanus na 1464, wanda aka buga a 1533.

Wajen neman alƙibla, kusurwoyin siffar uku su ne garinka, Makka, da ƙuryar arewacin duniya. Ga yadda ake rubuta ƙa'idar yau, inda c take nufin nisan garuruwan biyu a digiri:

cos c = sin φ1 sin φ2 + cos φ1 cos φ2 cos Δλ

Bibémi tana kusan digiri 9.3 arewa da layin tsakiyar duniya (φ1), Makka tana 21.4 (φ2). Ta gabas kuma 13.9 ne da 39.8, tazararsu (Δλ) 25.9 ke nan. Lissafi ya ba da 0.8855, wato c digiri 27.7 ne. Kowane digiri kusan kilomita 111.2 ne, don haka nisan ya kai kimanin kilomita 3,080.

Da an sami c, sai a juya ƙa'idar a nemi fuska, wato A:

cos A = (sin φ2 − sin φ1 cos c) / (cos φ1 sin c)

Nan ana samun 0.484, wato digiri 61 daga arewa zuwa gabas. Da an ɗauki ƙasa a shimfiɗe da an sami kusan 65, kuma a ganina waɗannan digiri huɗu sun isa hujja ga wahalar da Albiruni ya sha.

Ƙa'idar tana da iyaka. Ba ta faɗin gabas za a karkata ko yamma, kai za ka duba. In garuruwan suna kusa, amsar takan matso 1 ƙwarai har ɗan kuskure ya ɓata nisan, shi ya sa masu tuƙin jiragen ruwa suka fi son haversine. Mai aza harsashin masallaci kuma ya tuna cewa daga arewa ta ainihi ake ƙirga 61 ɗin nan, allurar kamfas kuwa arewar maganaɗisu take nunawa, ƙarfe a kusa ma yana karkatar da ita.